Sirri ko Amana? Sharhi a Kan Fassarar Wata Yarjejeniyar Hana Fitar da Bayanai a Azare

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala sharhi ce a kan fassarar Hausa ta wata takardar yarjejeniya, irin wadda kamfani kan sa ɗan jinga ya sa wa hannu kafin ya fara aiki, domin ya ɗaure kansa cewa ba zai fitar da bayanan da ya gani a wurin aikin ba. Ba za a bi takardar duka ba. Za a tsaya ne a kan sassa biyu, wato sashen da ya faɗi abin da ake hana fitarwa da sashen da ya toge abin da hanin bai shafa ba. Sauran sassan duk a kan waɗannan biyun suka jingina, domin wanda bai san iyakar abin da aka hana shi ba, bai san ranar da ya ƙetare ta ba.

Takardar ta zo hannuna a shekarar 2024 a Azare, inda aiki ya kawo ni daga ƙasar Katsina. Wani saurayi maƙwabcina, wanda ke rayuwa da juyar da magana zuwa rubutu da kuma fassara, ya karɓi jinga daga wani kamfanin sayen riɗi. Kamfanin ya naɗi hira da manoma da dillalai a Azare da garin Katagum da ƙauyukan da ke tsakani, ya ba shi muryoyin ya rubuta su, ya kuma fitar da jadawalin sunayen dillalan da lambobin wayarsu da yawan buhunan da kowanne ke iya tarawa a kaka. Bayan ya miƙa aikin, sai wani ɗan kasuwa ya tambaye shi ko ya san dillalan riɗi masu ƙarfi, shi kuma ya tura masa jadawalin ta waya. Labari ya koma wa kamfani, aka riƙe ragowar kuɗinsa, lauya ya rubuto masa. Da ya kawo mini takardun, abin da ya ce shi ne: “Allah ya gafarta Malam, ina sirri a nan? Duk kasuwa an san mutanen nan, wasu ma tare muke salla.”

Na karanta matanin Ingilishi, na ga lallai ya saɓa. Na karanta fassarar Hausa da aka liƙa a bayansa, wadda ita ce ya karanta ya sa hannu, na ga da wuya a ce ya saɓa. Tazarar da ke tsakanin matanin biyu ita ce abin nazari a nan.

2.0 Matanin da Fassararsa

Idan aka warware sashen farko na matanin Ingilishi gaɓa-gaɓa, abubuwa huɗu ya ƙunsa. Ya ce abin da ake karewa shi ne kowane bayani, a kowace siga. Ya ce daidai ne ko kamfani ne ya ba da shi, ko ɗan jinga ne ya samo shi ko ya haɗa shi a cikin aikin. Ya ce daidai ne ko an buga masa alama ko ba a buga ba. Sannan ya kawo misalai, tare da faɗakarwa cewa misalan ba su ne iyaka ba. Ga yadda mai fassara ya kawo shi:

(1) “Bayanan Sirri” na nufin duk wani sirri da Kamfani ya bayyana wa Mai Karɓa, wato sunayen abokan ciniki, farashi, tsare-tsaren kasuwanci da muryoyin da aka naɗa, a rubuce ko da baki.

Sashe na biyu a Ingilishi ya toge abu uku: bayanin da ya fita ga kowa ba ta hanyar laifin ɗan jinga ba, da wanda yake hannunsa tun kafin aikin kuma yana da shaida a rubuce, da wanda ya samu daga wani mutum da ba a ɗaure da irin wannan alkawari ba. Ya rufe da cewa bayanan da aka harhaɗa ba sa shiga togaciya don kawai an san ɗaiɗaikunsu. Fassarar ta ce:

(2) Bayanan Sirri ba su haɗa da abin da jama'a suka sani ba, ko abin da Mai Karɓa ya sani, ko abin da ya ji daga wani. Haɗuwar bayanai ba za ta zama ta jama'a ba don sassanta na jama'a ne.

Ya kamata a yi wa mai fassarar adalci. Hausarsa daidaitacciya ce, ƙa'idojin rubutu sun zauna, jumlolinsa ba su da nauyin da aka saba gani a fassarar takardun hukuma. Ba kuma matsalar karin harshe ba ce. Na fara zargin ko Guddiranci, Hausar wannan yanki da Dauda Bagari ya yi nazari a kanta, yana ba wa wata kalma a nan ma'anar da ban sani ba, amma da na bincika sai na tarar Bakatsine da Baguddire fahimta ɗaya suke yi wa (1) da (2). Aibin fassarar shi ne tana da daɗin karatu, mai karatu ya wuce bai yi tuntuɓe ba, alhali ya fahimci abin da ba shi aka ce ba.

3.0 Kalmar Sirri

Kowane ƙamus aka buɗe, daga na Bargery na 1934 zuwa na Ingilishi da Hausa na Roxana Ma Newman na 1990, hanya za ta bi da mai fassara ta kan sirri ko asiri, waɗanda duk daga tushe ɗaya na Larabci suka fito. Asiri bai dace ba, kuma mai fassarar ya yi daidai da ya kauce masa, domin yana ɗauke da ma'anar mutunci, kamar a rufin asiri da tonon asiri, ga kuma ma'anar sammu. Sirri ya fi tsabta. Sai dai sirri a bakin Bahaushe sifa ce ta shi bayanin kansa: abu ne ɓoyayye, wanda mutum biyu ko uku suka sani, wanda ake rage murya idan za a faɗe shi. Ba takarda ce ke mai da abu sirri ba. Kowa yana da ma'aunin sirri a kansa tun kafin ya ga yarjejeniya, kuma da wannan ma'auni zai karanta ta. Sunan dillalin da ke zaune a bakin rumfarsa kullum ba ya hawa wannan ma'auni ko kusa.

A matanin Ingilishi kuwa, kalmomin biyu da aka sa cikin alamar zance da manyan baƙaƙe laƙabi ne kawai. Lauya ya raɗa suna, ya ce duk inda aka ga sunan nan, ga abin da ake nufi. Da zai kira shi da wani suna dabam, hukuncin ba zai sauya ba. Mai fassara bai ga wannan ba, shi ya sa ya yi abin da ya fi komai ɓarna a (1): inda matani ya ce “kowane bayani”, shi ya rubuta “duk wani sirri”. Ke nan Bayanan Sirri na nufin sirri. An bayyana kalma da ita kanta, an mayar da mai karatu ga ma'aunin da ya zo da shi daga gida, wanda shi ne sashen ya zo ya kawar.

Manyan baƙaƙen ma ba su tsinana komai ba. Dabara ce ta ido, kuma ta al'adar rubutun lauyoyin Ingilishi. Yawancin irin waɗannan takardu a nan karanta wa mutum ake yi, kunne kuwa ba ya jin babban baƙi. Wanda ya tashi da ajami bai ma san bambancin babba da ƙarami ba a rubutu. Abin da Ingilishi ya yi da siffar baƙi, dole Hausa ta yi shi da jumla.

To wane laƙabi ya fi? A nan ina ganin shari'ar Ingila kanta ta nuna hanya. A ƙarar Coco da kamfanin A. N. Clark ta 1968, wadda aka yi a kan zanen injin ƙaramin babur, Mai Shari'a Megarry ya ce ana duba abu uku: yanayin bayanin, da halin da aka ba da shi a ciki, ko hali ne da ke ɗora wa mai karɓa nauyin riƙewa, da kuma ko an yi amfani da shi ba da izini ba. Abu na biyu shi ne zuciyar yarjejeniyar da muke magana a kai, kuma Hausa tana da kalmarsa: amana. Amana ba ta tambayar ko abu ɓoyayye ne. Akuyar da maƙwabci ya bar maka zai yi tafiya, duk unguwa na ganinta, amma amana ce, ba ka da ikon yanka ta ko ba da aronta. Kalmar tana duban yadda abu ya shigo hannunka da sharaɗin da ya zo da shi. Da an ce wa maƙwabcina jadawalin nan amana ne, ba na jin zai tambayi ina amana a nan.

Amana ma tana da nata haɗari, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Cin amana suna ne na laifi a kotunan Arewa, shi ne yadda ake kiran laifin da sashe na 311 na kundin Final Kot, wanda ya fara aiki a 1960, ya bayyana, kuma a kan dukiya yake. Saɓa yarjejeniyar da muke dubawa ƙarar diyya ce tsakanin mutum biyu. Idan mai fassara ya rubuta cin amana a sashen hukunci, ya tsorata ɗan jinga da ɗauri inda matani bai ambaci ɗauri ba. Saboda haka shawarata ita ce a ɗauki amana a laƙabi kawai, a ce Bayanan Amana, a sashen hukunci kuma a ce saɓa yarjejeniya. Na yi tunanin Keɓaɓɓun Bayanai, na bar shi, domin tun da aka kafa dokar kare bayanan mutane ta Nijeriya a 2023 ake jin irin wannan lafazi a kan bayanan da suka shafi mutum shi kansa, kuma gara kada a cakuɗa biyun.

4.0 Wato da Har da

Kalma ɗaya ce ta rufe abin da matani ya bari a buɗe, ita ce wato. Aikin wato daidaitawa ne: abin da ke bayanta shi ne abin da ke gabanta, ba ragi ba ƙari. Wanda ya ce “ka kawo kayan aikin, wato fartanya da lauje” bai nemi gatari ba. Don haka (1) ta ce abu huɗu ne kaɗai aka hana. Maƙwabcina ya ƙirga su a gabana da yatsa. Dillalan ba abokan cinikin kamfani ba ne tukuna, tun da ba a saya a hannunsu ba. Jadawalin ba farashi ba ne, ba tsarin kasuwanci ba ne, ba murya ba ce. Lissafinsa bai karkace ba.

Kamar su ta fi wato, amma ita ma ba ta kai ba. Tana buɗe jerin, sai dai tana buɗe shi ga makamantan abin da aka ambata kawai. Haka da sauransu take. Lauyoyi sun san wannan matsala a nasu harshen, domin akwai ƙa'idar fassara doka da ke cewa kalma gama-gari da ta biyo bayan jerin abubuwa ana taƙaita ta ga jinsin abubuwan. Don gudun wannan ƙa'ida ne suke ƙara faɗakarwar nan cewa misalai ba iyaka ba ne. Har da ita ce ta fi kusa, domin tana nuna cewa abin da aka ambata yana cikin wani abu da ya fi shi faɗi. Duk da haka na fi son a raba jumlar biyu, a faɗi faɗakarwar da cikakkiyar magana.

Akwai kuma ganga dogarau da ke cikin (1), “da Kamfani ya bayyana wa Mai Karɓa”. Matani ya kawo hanya biyu da bayani ke shiga hannun ɗan jinga, fassara ta kawo ɗaya. Ga ma'aikacin ofis wannan ragi ba zai yi tasiri sosai ba. Ga ɗan jinga irin wannan kuwa shi ne komai, domin aikinsa shi ne ƙirƙiro bayani daga ɗanyen abu. Kamfani bai taɓa bayyana masa jadawali ba, shi ya zauna dare da rana ya tsamo shi daga muryoyi. A ganinsa guminsa ne. Ga abin da nake ganin ya fi:

(3) A cikin wannan takarda, duk inda aka ce “Bayanan Amana”, ana nufin kowane irin bayani da ya shigo hannunka ta dalilin wannan aiki, ko Kamfani ne ya ba ka, ko kai ka samo shi, ko kai ka haɗa shi da kanka. Ba sai abin ya kasance sirri a wurin mutane ba, kuma ba sai an rubuta a kansa cewa amana ne ba. Wannan ya shafi rubutu da magana da hoto da murya da abin da ke cikin waya ko kwamfuta. Har da sunayen mutane da lambobinsu da farashi da tsare-tsaren kasuwanci. Waɗannan misalai ne kawai, abin da ba a ambata ba shi ma yana ciki.

Za a lura na sauya Mai Karɓa da lamirin mutum na biyu. Wannan yana bukatar a faɗa a farkon takarda wane ne “kai” ko “ke”, kuma yana bukatar yardar lauya, amma ribarsa tana da yawa ga wanda ake karanta wa.

Wani ɗan abu da ba zan wuce shi ba: gabatarwar yarjejeniyar ta ce aikin ya shafi dillalan “Katagum”, matani da fassara duka. Katagum kuwa uku ce. Akwai garin, tsohuwar hedikwatar masarautar da Malam Zaki ya kafa, wanda yanzu yake cikin ƙaramar hukumar Zaki. Akwai ƙaramar hukumar Katagum, wadda hedikwatarta Azare ce. Akwai masarautar, wadda ta haɗe su duka da wasunsu. Wannan ba laifin mai fassara ba ne, amma shi ne mutumin da ya fi dacewa ya tambaya, tun da lauyan da ya rubuta mai yiwuwa bai taɓa taka ƙasar ba.

5.0 Togaciya

A nan ne nahawu ya fi yin aiki. Aikatau sani yana cikin ƴan aikatau na Hausa waɗanda sigarsu ta shuɗaɗɗen lokaci ke ba da ma'anar halin da ake ciki. “Na sani” ba labarin jiya ba ne, halin yanzu ne, kamar “na gaji” da “na ƙoshi”. Saboda haka “abin da Mai Karɓa ya sani” a (2) yana nufin abin da ke kansa a lokacin da ake magana. Ranar da ya gama aikin, duk abin da ke cikin muryoyin ya san shi. Idan aka bi lafazin, togaciyar ta cinye hanin gaba ɗaya. Matani yana nufin sanin da ya gabaci aikin, kuma Hausa ba ta rasa kayan faɗin haka ba: riga, da tun kafin, da dā ma. Mai fassara ya ga shuɗaɗɗen lokaci a Ingilishi, ya sa shuɗaɗɗen lokaci a Hausa, siga ta dace da siga, ma'ana ta zube a tsakani. Ya kuma yar da sharaɗin shaida a rubuce, wanda yake da amfani ga ɗan jinga ya sani tun ranar farko, domin da ya sani da ya rubuta sunayen dillalan da ya riga ya sani ya miƙa kafin ya saurari murya ko ɗaya.

“Abin da jama'a suka sani” ita ma ta yi sako-sako. Jama'a nawa? Mutanen layin ƴan riɗi jama'a ne. Mahalarta ɗaurin aure jama'a ne. Abin da matani ke nufi shi ne bayanin da kowa zai iya samu ba tare da an ba shi amana ba, kamar farashin da aka faɗa a rediyo ko aka buga a jarida. An kuma yar da sharaɗin cewa fitar ba ta hanyar ɗan jinga ta faru ba. Ba tare da shi ba, mutum na iya watsa bayani da safe, da yamma ya ce ai jama'a sun sani. “Abin da ya ji daga wani” kuwa ya fi duka faɗi, tun da direban kamfani ma wani ne, manomin da aka naɗi muryarsa ma wani ne.

Jumlar ƙarshe ta (2) ita ce ta yi magana kai tsaye a kan abin da ya faru, kuma ita ce ba wanda na karanta wa ya gane ta. Mai fassara da kansa, ina zato, bai gane ta ba, shi ya sa a nan kaɗai ya bi kalma da kalma. Ma'anar tsohuwa ce a shari'a. A ƙarar Saltman da Campbell ta 1948, Lord Greene ya bayyana cewa abu na iya samun kariya ko da an gina shi daga kayan da kowa ke iya samu, idan mai shi ya yi aiki da ƙwaƙwalwarsa ya fitar da abin da wani ba zai samu ba sai ya sha irin wahalar. Manomi ya san wannan ba sai an kai shi Ingila ba. Zangarniyar da ta faɗi a hanya kowa na iya tsinta, dami kuwa yana da mai shi. Kowane dillali an san shi, gaskiya ne. Amma a ce ga su a jere, ga lambar kowa, ga buhunan da yake iya tarawa, ga wanda ya gaji da mai sayensa na yanzu, wannan ba a san shi a kasuwa ba, kuma shi ne abin da kamfani ya kashe kuɗin mota da na masu hira don ya samu. Ɗan kasuwar da ya nemi jadawalin ai ya san hanyar kasuwa, da sunaye kawai yake so da ya je da ƙafarsa.

(4) Abu uku ba sa cikin Bayanan Amana. Na ɗaya, abin da kowa zai iya samu a fili, muddin ba ta hanyarka ya fita ba. Na biyu, abin da ka riga ka sani tun kafin ka fara wannan aiki, idan kana da shaidarsa a rubuce. Na uku, abin da wani ya ba ka, idan shi ma ba amana ba ne a hannunsa. Amma idan aka tattara bayanai wuri ɗaya, kamar a jadawali ko rahoto, abin da aka tattara ɗin amana ne, ko da an san kowane ɗaya daga cikinsu a warwatse.

6.0 Gwaji da Iyakar Mai Fassara

An gaya mini cewa an gwada fassarar kafin a yi amfani da ita, ta hanyar ba wa wani ya mayar da ita Ingilishi. Wannan gwaji yana kama abin da aka tsallake, amma ba ya kama irin kurakuran da muka gani. Wanda zai mayar ɗin ya san yadda irin wannan takarda take a Ingilishi, da ya ga sirri zai sa kalmar da aka saba, da ya ga “ya sani” zai sa shuɗaɗɗen lokaci, sai matani ya dawo lafiya kamar ba abin da ya same shi a hanya.

Gwajin da ya dace shi ne na hukunci. A karanta wa mutum irin wanda aka yi takardar dominsa, sannan a kawo masa abubuwa daga ainihin aikin, ɗaya bayan ɗaya, a tambaye shi: wannan yana ciki ko yana waje? Farashin buhu da aka faɗa a rediyo. Farashin da kamfani ya yi niyyar tayawa. Lambar dillalin da yake ɗan'uwanka. Jadawalin da ka haɗa. Labarin cewa kamfanin yana sayen riɗi a yankin. Sai a ba lauya jerin nan shi ma ya amsa daga matanin Ingilishi. Duk inda amsa biyu suka saɓa, akwai rami a fassara, ko a matanin kansa. Na yi haka da wasu abokan sana'ar maƙwabcina. Da (1) da (2), jadawalin waje suka sa shi. Da (3) da (4), ciki suka sa shi, har ɗaya ya ce shi da an karanta masa haka da sai ya ƙara kuɗin jinga, abin da ya nuna mini ya fahimci nauyin da ake ɗora masa.

Ana iya cewa (3) da (4) sun fi matani tsawo, kuma sun ƙara abin da babu. Tsawon na amince da shi. Ƙarin kuwa wuri biyu ne: jumlar “ba sai abin ya kasance sirri a wurin mutane ba”, da misalin jadawali ko rahoto. Duka biyu ba su faɗaɗa hani ba, ba su rage shi ba, amma duk da haka ba mai fassara ne zai yanke wannan shi kaɗai ba, sai ya nuna wa wanda ya rubuta matanin ya amince a rubuce. Haka kuma ba aikinsa ba ne ya tausasa sharaɗi don tausayin ɗan jinga. Ni kaina ina ganin sashen farko ya yi faɗi fiye da kima. Amma idan sharaɗi mai tsanani ne, gatan da mai fassara zai yi wa mai sa hannu shi ne ya bar shi ya ji tsananin, domin yarjejeniyar tana da sashen da ya ce idan matani biyu suka saɓa na Ingilishi ne abin bi. Dokar kare wanda bai iya karatu ba, wadda ta wajabta wa marubucin takarda ya sa sunansa da adireshinsa a matsayin shaidar an karanta wa mai sa hannu an kuma bayyana masa, da wuya ta ceci wanda sana'arsa ita ce fassara daga Ingilishi. Maƙwabcina ya iya Ingilishin hira da na jarida, na lauya ne ya fi ƙarfinsa, shi ya sa ya juya bayan takarda ya karanta Hausa.

Abu na biyar a jerin gwajin, wato labarin cewa kamfanin yana saye a yankin, shi ne ya raba kan waɗanda na tambaya ko da (3) da (4). Wasu suka ce motocinsa kowa na gani, wasu suka ce ta dalilin aiki suka san shirinsa. Da aka koma ga matanin Ingilishi sai aka tarar shi ma bai yanke ba. An rubuta wa lauyan kamfanin tambayar tare da bayanin kurakuran fassarar. Kamfanin ya saki ragowar kuɗin bayan saurayin ya goge jadawalin daga wayarsa ya kuma sa hannu a kan sabuwar fassara, wadda aka ƙara wa jumla ɗaya a matani biyun, cewa kasancewar kamfanin a yankin ba amana ba ce, amma yawan abin da yake shirin saya da lokacin da zai saya amana ne.